Naira Dubu Arba'in da Wasiƙa Biyu: Bitar Wata Takardar Horaswa

Takardar da nake son yin magana a kanta ba ta wuce shafi bakwai ba, kuma ba a buga ta don sayarwa ba. Wata baiwar Allah da ta daɗe tana riƙe da ofishin albashi a wani kamfanin rarraba kaya a Kano ce ta haɗa ta, domin horas da sababbin akawuna. Ta goge sunan kamfanin, ta goge sunayen mutanen da abin ya shafa, ta bar lambobi da kwanan wata kawai. Manyan abubuwa huɗu ne a ciki: ƙorafin da wani direba ya rubuto kan kuɗin da aka cire masa, amsar farko da wani matashin akawu ya tsara, bayanan da ita marubuciyar ta yi a gefen wannan amsa, sai kuma wasiƙar da aka aika wa direban daga ƙarshe. Na karanta rubuce-rubuce da dama kan yadda ake wasiƙar ofis, mafi yawansu nasiha ce zalla: a yi ladabi, a yi gaskiya, a taƙaita. Wannan takarda ta fi su amfani nesa ba kusa ba, saboda ta ɗauki matsala guda ta bi ta tiryan-tiryan har inda kuɗin ya koma hannun mai shi.

Ga yadda abin ya faru. Albashin direban Naira 150,000 ne a wata. Idan aka cire haraji da kuɗin fansho, abin da yake shiga asusunsa 129,000 ne. A watan Janairu ya karɓi adibas na 60,000, aka yi yarjejeniya a rubuce cewa za a riƙa cire 20,000 a Fabrairu, da Maris, da Afrilu. Haka aka yi, wata uku yana ganin 109,000 bai ce komai ba, domin ya san bashin da ke kansa. Da albashin Yuni ya shigo ranar 27 ga wata, sai ya sake ganin 109,000. Washegari ya rubuto da hannunsa, layi biyar, yana cewa a saninsa ya gama biya tun Afrilu, yana roƙon a duba masa.

Amsar farko da akawun ya tsara ita ce irin wadda duk wanda ya taɓa aikin ofis ya sani. An fara da cewa an samu takardarsa. Aka ce duk wani cire kuɗi ana yin sa ne bisa ƙa'idar kamfani. Aka ce idan an samu wani saɓani a lissafi za a daidaita a lokacin da ya dace. Aka tunatar da shi cewa nan gaba ya riƙa bi ta hannun shugaban sashensa kafin ya rubuto. Sannan aka sa sunan shugaban sashen sufuri cikin waɗanda za a ba kwafe. Babu zagi a ciki, babu ƙarya ɓaro-ɓaro. Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ba ta mayar da yaron abin dariya ba. A bayaninta na farko ta ce lokacin da ya tsara wannan amsa ya riga ya gano cewa kuskuren ofis ne, tsoro ne ya hana shi rubuta hakan, don yana ganin idan ya amsa laifi a takarda kamar ya jefa kamfani cikin matsala ne, ko ya jefa kansa. Duk wanda ya horas da matasa a ofis ya san wannan tsoro, kuma ba a magance shi da faɗa.

Daga nan ta shiga aikin, kuma tsarin da ta bi shi ne babban darasin takardar. Ba ta taɓa ko kalma ɗaya a wasiƙar ba sai da ta koma kan lissafi. Ta ɗauko takardar yarjejeniyar adibas, ta ɗauko takardun albashin direban daga Janairu zuwa Yuni, ta jera su. Nan ta ga abin da shi kansa mai ƙorafin bai gani ba: an cire masa 20,000 a watan Mayu ma. Dalilin da bai lura ba shi ne a Mayu ya yi tafiye-tafiyen dare, ya samu kuɗin ƙarin lokaci da ya kai 17,000 bayan haraji. Kamata ya yi ya ga 146,000, sai ya ga 126,000. Da yake adadin ya yi kusa da 129,000 da ya saba gani kafin bashi, sai ya ɗauka an daina cirewa, ɗan giɓin kuma na haraji ne. Ke nan direban ya zo neman 20,000, alhali 40,000 yake bin kamfani.

A nan ne nake ganin takardar ta yi abin da ya cancanci a yaba mata. Da an bi hanyar amsar farko, da an mayar masa da 20,000 na Yuni, ya yi godiya, ya tafi, ba wanda zai sake tada maganar Mayu. Marubuciyar ta rubuta wa ɗalibanta a gefe cewa ma'aikaci alat ɗinsa kawai yake gani, ofis kuwa yana ganin dukkan littafin, don haka nauyin faɗin abin da ba a tambaya ba yana kan wanda yake riƙe da littafin. Ban san wata hanya da ta fi wannan sauƙi wajen bayyana abin da ake nufi da yin abu a fili a harkar albashi ba.

Bayan ta san adadin, sai ta nemi sanadi. Manhajar da suke biyan albashi da ita tana da gurbi biyu ga kowane cire kuɗi mai maimaituwa: ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda ya shigar da adibas ɗin a Janairu ya cike na farko, ya bar gurbin `End Date` fayau. Manhaja kuwa ba ta san an gama biyan bashi ba sai an gaya mata, don haka da direban bai yi magana ba, da haka za ta ci gaba da zare 20,000 kowane wata. Ta nuna wa akawunan yadda ake gane irin wannan tun kafin ma'aikaci ya kawo kuka: a fitar da jerin duk masu adibas, a ajiye abin da aka ba kowa kusa da jimillar abin da aka cire masa zuwa yau. Duk inda na biyun ya haura na farkon, akwai matsala. A lamarin direban an ba shi 60,000, an cire 100,000. Aikin minti goma ne a ƙarshen wata.

Sai da ta gama wannan duka ta dawo kan rubutu. Zan kawo farkon wasiƙar ƙarshe kamar yadda yake a takardar, domin gani ya kori ji:

"Malam, bayan gaisuwa. Mun duba takardarka ta ranar 28 ga Yuni, kuma kana da gaskiya. Ka gama biyan adibas ɗinka a watan Afrilu. Naira 20,000 da muka cire a albashinka na Yuni kuskurenmu ne. Da muka bincika mun ga mun yi irin wannan kuskuren a watan Mayu, don haka abin da kake binmu Naira 40,000 ne. Za mu tura maka shi cikin asusunka ranar 4 ga Yuli. Muna ba ka haƙuri."

Duba yadda aka jera abubuwan. Mutumin da ya rubuto ƙorafi kan albashinsa abu uku ne ke cin zuciyarsa: ina da gaskiya ko ba ni da ita, nawa ne, yaushe zan gani. Kafin ya kai ƙarshen sakin layi na farko ya samu amsar ukun. Bayanin manhaja da gurbin da aka bari ya zo ne daga baya, inda ya dace, domin mai jiran kuɗinsa ba zai natsu ya saurari yadda kwamfuta ke aiki ba sai ya san makomar kuɗin. Sannan duba wanda ya yi aikin a kowace jimla. Amsar farko cike take da "an samu", "an cire", "za a daidaita", ba a san wa ya cire ba, ba a san wa zai daidaita ba. Wasiƙar ƙarshe ta ce "muka cire", "kuskurenmu", "za mu tura". Ba ta ambaci sunan akawun da ya bar gurbin ba, kuma ta bayyana dalili: ofis ne ya biya albashi, ofis ne ya yi kuskure, gyaran ma'aikacin da ya yi sakaci magana ce ta cikin gida. Haka kuma ba ta ɗora laifin a kan na'ura ba. Ta ce "mun bar gurbin", ba ta ce "kwamfuta ta samu matsala" ba, wanda shi ne mafakar kusan kowane ofis a yau.

Haƙurin da ta bayar sau ɗaya ne, kuma ya zo bayan adadi da rana. Na tsaya a kan wannan na ɗan lokaci, domin mu Hausawa mutane ne masu yawan ba da haƙuri, kuma da ni ne da wataƙila na fara da shi. Hujjarta ita ce idan haƙuri ya riga bayani, ma'aikaci yakan ji kamar ana shirya shi ne don a ce masa kuɗin ba zai samu ba, saboda ya saba jin "ka yi haƙuri" a wurin da ake nufin "ka haƙura". Idan kuwa ya zo bayan an ce ga kuɗinka ga ranar biya, sai ya zama ban-haƙuri na gaske kan wahalar da aka jawo masa. Na yarda da ita.

Sashe na biyu na wasiƙar ɗan jadawali ne mai layi biyar, daga Fabrairu zuwa Yuni. Kowane layi yana nuna abin da ya kamata a cire, da abin da aka cire, da bambancin. Wata uku na farko bambancin sifili ne, Mayu 20,000, Yuni 20,000. A ƙasa ta rubuta cewa ya gwada waɗannan lambobi da alat ɗin da bankinsa ya turo masa, idan ya ga wani abu bai yi daidai ba ya sanar da ita. A ganina wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Mai awon kirki a Dawanau ba ya shiga ɗaki ya fito da buhu ya ce maka kwano arba'in ne. A gabanka yake aunawa kana ƙirgawa. Wasiƙar ba ta nemi direban ya yarda da ofis don ofis ne ba, musamman da yake ofis ɗin ne ya yi masa kuskure wata biyu a jere. Ta ba shi abin da zai tabbatar da kansa, da wayar da ke aljihunsa. Girmamawar da ke cikin wannan ta fi ta kowace doguwar gaisuwa, domin ta ɗauke shi a matsayin mutum mai hankali da zai iya bin lissafin guminsa.

Akwai wani sakin layi gajere da mai karatu zai iya tsallakewa, amma ga wanda ya san aikin shi ne alamar ƙwarewar marubuciyar. Ta gaya wa direban cewa kuskuren bai taɓa harajinsa ko fanshonsa ba, ta kuma faɗi dalili. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma kashi 10, kuma ana lissafa su ne a kan albashin tushe da alawus na gida da na sufuri a ƙalla. Na direban waɗannan uku sun kama 120,000, don haka nasa kason 9,600 ne a wata. Haraji da fansho ana fitar da su ne daga sama, kafin a zo kan bashi. Adibas daga abin da ya rage ake cire shi, shi ya sa kuskure a kansa bai canza su ba. A bayanin gefe ta ja kunnen akawunan cewa ba kullum haka abin yake ba. Da a ce kuskuren na yanke kwanakin aiki ne, a ce an rubuta mutum bai zo ba alhali ya zo, to albashin tun daga sama ya ragu, harajin da aka tura wa hukumar tara haraji ta jiha da kuɗin da aka tura wa kamfanin fansho duk sun zama ba daidai ba, kuma mayar masa da kuɗi a hannu kawai bai gama gyaran ba.

Ta kuma yi gargaɗi kan kuskure na biyu da ake yawan yi wajen gyara na farko. Akawu mai gaggawa yakan shigar da kuɗin da za a mayar a matsayin alawus ko ƙarin albashi, saboda nan ne gurbin da ya fi sauƙi. Da zarar an yi haka, manhaja za ta ɗauke shi sabon samu ta ɗora masa haraji, sai mutumin da yake bin 40,000 ya ga ƙasa da haka, an caje shi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a shigar da shi a matsayin soke cirewar da aka yi, a gurbin da aka cire shi. Yadda za a gane an yi daidai kuwa mai sauƙi ne: abin da ya shiga asusun ma'aikaci ya zama 40,000 cif, ba ragin ko kwabo.

Maganar ranar biya ma ta sha muhawara, kuma marubuciyar ba ta ɓoye ba. Akantan kamfanin ya so a haɗa kuɗin da albashin Yuli, ranar 27, domin biya a tsakiyar wata yana buƙatar sa hannun mutum biyu da takardar izini ta musamman. Ita kuma ta tsaya a kan cewa 40,000 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da direban yake kaiwa gida, kuma na Mayu ya riga ya yi wata guda a hannun kamfani ba bisa haƙƙi ba. Ta samu sa hannun kafin ta rubuta ranar a wasiƙa. Wannan ma darasi ne da ta ja layi a ƙarƙashinsa: kada ka rubuta rana sai wanda zai saki kuɗin ya amince da ita, domin alkawarin da aka saɓa bayan an amsa laifi ya fi kuskuren farko ɓata zuciya. Shi ya sa wasiƙar ta fita ranar 2 ga Yuli, kwana biyu bayan amsar farko ta kasance a shirye. A tsakanin nan ta kira direban a waya ta ce masa ana dubawa, don kada shirun ya zama wani abin damuwa.

Abubuwan da ta cire daga amsar farko su ma suna da nasu bayani. Ta goge tunatarwar nan ta bin hannun shugaban sashe, ta ce mutumin da aka cuta, ko da bisa kuskure ne, ba ranar da ake biyansa haƙƙinsa ake koya masa tsarin ofis ba. In ma akwai buƙatar hakan, a yi a wata rana. Ta goge kwafen da za a ba shugaban sufuri, ta ce bashin mutum da albashinsa sirrinsa ne, kuma shugaban ba shi da abin da zai yi a lamarin. Takardar neman adibas ɗin ta ƙunshi dalilin da ya sa direban ya nemi kuɗin, amma ko a wasiƙar ko a takardar horaswar ba ta ambace shi ba. A maimakon tunatarwar sai ta sa jimla guda: "Mun gode da ka sanar da mu, domin takardarka ce ta sa muka duba na sauran ma'aikata." Direban ya girme ta, a baki Baba take ce masa, amma a takarda ta ce Malam, yadda za a rubuta wa kowane ma'aikaci babba ko ƙarami. Ta kuma aika wasiƙar da Hausa da Turanci, tunda da Hausa ya rubuto, ta Turancin kuma don fayil.

Shafi na shida ta ware shi ga doka, kuma ta yi shi ne don akawunan. Ta kawo sashe na 4 da na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya. Sashe na 4 ya hana ba ma'aikaci adibas da ya wuce albashin wata guda, ya kuma ce kada a karɓe shi a ƙasa da wata uku. Sashe na 5 ya taƙaita irin abubuwan da mai aiki zai iya cirewa, ya ce jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan, sannan idan mai aiki ne ya biya fiye da kima bisa kuskure, abin da ya biya a wata ukun da suka gabaci watan da ya gano kawai zai iya cirewa. Ta nuna cewa yarjejeniyar Janairu ta dace da doka: 60,000 bai kai albashin wata ba, an raba shi wata uku. Daga Mayu kuwa babu bashi, babu yarjejeniya, don haka babu abin da ya halatta cirewar. Ta kuma yi adalcin faɗin iyakar dokar, cewa ma'anar ma'aikaci a cikinta ta fi shafar masu aikin hannu da akawuna, ba ta haɗa da manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru ba, waɗanda takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu. Direba yana ciki. Na ji daɗin yadda ba ta cusa ko sashe ɗaya cikin wasiƙar ba. Wanda ya amsa laifi ya biya ba ya buƙatar jero dokoki, kuma ambatonsu ga direba zai iya zama kamar ana shirin shari'a da shi.

Duk da haka akwai wuraren da nake ganin takardar ta gaza, kuma ina faɗinsu ne don ina son a sake buga ta da gyara.

Na farko, wasiƙar ba ta gaya wa direban abin da zai yi ba idan ranar 4 ga Yuli ta wuce bai ga alat ba. Ta ce ya sanar da ita, amma ita ce ofis ɗin da ya yi kuskuren. Idan tana hutu fa, ko banki ya riƙe kuɗin? Ya kamata a ce akwai mutum na biyu, sama da ita, da aka faɗa masa muƙaminsa da inda zai same shi. Marubuciyar ta dogara da cewa ita mai cika alkawari ce, kuma na yarda haka take, amma takardar horaswa ana yin ta ne don ofisoshin da ba ita ce a ciki ba. A shafin doka ma ta yi shiru kan hanyoyin da ma'aikaci yake da su a wajen kamfani, wato ofishin ƙwadago, da ƙungiyarsa in yana da ita, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda ke sauraron rigingimun albashi. Akawun da ake horaswa ya kamata ya san inda ƙorafin da aka yi wa riƙon sakainar kashi yake ƙarewa.

Na biyu ya fi damuna. Takardar ta ɗauka cewa da an mayar da 40,000 an koma yadda ake. A littafin ofis haka ne. A gidan direban ba lallai ba ne. Mutumin da ya tsara watansa a kan 129,000 ya tashi da 109,000, wani abu ya bari bai biya ba, ko ya ci bashi a wurin mai shago, ko ya ɗage kuɗin makarantar yaro. Ba ina cewa kamfani ya biya diyya a kan kowane kuskure ba. Amma jimla guda da za ta tambaye shi ko jinkirin ya jawo masa wata asara da ofis zai iya taimakawa a kai, ko da takardar shaida ce zuwa ga wanda yake binsa kuɗi, da ta cika wasiƙar. Marubuciyar da ta yi tunanin sirrin bashinsa har ta hana shugabansa gani, na yi mamakin yadda wannan ya wuce ta.

Sai kuma maganar sauran ma'aikata. Ta gode wa direban cewa takardarsa ta sa an duba na kowa, amma takardar horaswar ba ta faɗi abin da aka gano ba, ba ta kuma nuna irin wasiƙar da za a rubuta wa wanda aka cire wa kuɗi bai ma sani ba. Wannan wasiƙa ta fi wuya, domin babu ƙorafin da za a jingina da shi, ofis ne zai fara ɗaga hannu da kansa. Da ta ƙara shafi ɗaya a kan haka, da ɗalibanta sun amfana.

Shafin ƙarshe shi ne sabuwar takardar albashin Mayu da ta Yuni da aka gyara, an liƙa su kusa da tsofaffin, an zagaye layin adibas da jan biro a kowace. Ta bayyana cewa ba a yaga tsofaffin ba, an ajiye su a fayil tare da wasiƙar, domin duk mai binciken kuɗi da zai zo daga baya ya ga kuskuren da gyaransa a wuri ɗaya. An kuma ba direban sababbin, saboda takardar albashi ita ce abin da banki ko ƙungiyar adashin ma'aikata za su nema in ya je neman rance, kuma wadda ke nuna bashin da babu shi za ta rage abin da za a ba shi. A ƙasan shafin ta rubuta sabuwar ƙa'idar da ofis ɗin ya ɗauka daga watan Yuli: ba za a shigar da wani adibas ba sai an cike ranar ƙarewa, kuma mutum na biyu ya duba ya sa hannu kafin a rufe albashin wata.

Masu riƙe da albashi a makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, da ƙananan kamfanoni, inda mutum ɗaya ne akawu kuma shi ne mai amsa ƙorafi, su ne za su fi cin moriyar wannan takarda. Ina fatan marubuciyar za ta cike giɓin da na ambata, ta kuma yarda a yaɗa ta fiye da ɗakin da take horas da akawunanta.